Yadda ake rubuta wa mai gida takardar neman biyan kuɗin haya kashi-kashi idan samu ya ja baya

Na yi wasu shekaru ina karɓar wa kawuna kuɗin hayar gidajensa, kuma a lokacin ne na ga yadda mai gida yake karanta takardar ɗan haya. Wata rana na kawo masa wasiƙa mai shafi biyu cike da rubutu. Ya sa tabarau, ya bi shafin farko da yatsa, ya juya na biyu, ya sake dawowa na farko, sannan ya ɗago kai ya ce da ni, "To, nawa zai bayar, kuma yaushe?" Na karɓa na duba, babu ko ɗaya a ciki. Mutumin ya ba da labarin halin da ya shiga tun daga farko har ƙarshe, kuma duk gaskiya ya faɗa, amma bai rubuta adadi ba, bai sa rana ba. Abin da ya rufe da shi kawai shi ne a yi masa haƙuri zuwa lokacin da al'amura za su daidaita. Abin ya dame ni ƙwarai, domin na san mutumin kirki ne, kuma na san da ya rubuta lamba huɗu da rana huɗu da an amince masa a zaman nan.

Wannan takarda tayi ce kake kai wa mutumin da yake da haƙƙi a kanka. Kana cewa da shi ga abin da zan iya bayarwa yanzu, ga ranakun da zan cika sauran, ga kuma dalilin da zai sa ka yarda da ni. Doka ba ta tilasta wa mai gida karɓar kuɗinsa gutsure-gutsure idan yarjejeniyarku ta ce a dunƙule za a biya. Alfarma kake nema, don haka aikinka shi ne ka sauƙaƙa masa cewa to.

Kada ka jira ranar biya

Mataki na farko ba rubutu ba ne, duba kalanda ne. Ranar da ka tabbatar kuɗin ba za su cika ba, ranar ya kamata ka fara shiri. Idan hayar shekara kake biya, takardarka ta isa hannunsa wata ɗaya zuwa wata biyu kafin wa'adi. Idan ta wata-wata ce, ko kwana goma ya rage ka yi magana.

Dalilin a bayyane yake idan ka sa kanka a matsayinsa. Mai gida ya riga ya yi wa kuɗin nan gurbi a zuciyarsa tun kafin su zo. Wataƙila gyaran rufi zai yi, ko kuɗin makarantar yara, ko shi ma wani yake binsa. Idan ka sanar da shi da wuri, ka ba shi damar ya sake lissafi. Idan kuwa sai da ranar ta wuce, ya kira ka sau biyu ba ka ɗaga ba, sannan takarda ta iso, to ba tayi yake karantawa ba, uzurin mai laifi yake karantawa. Kalmomin na iya zama iri ɗaya, amma kunnen da zai saurare su ya canja. Na sani kunya ce take hana mutane, da kuma fatan ko wani abu zai faɗo kafin ranar. Idan abin ya faɗo bayan ka rubuta, ba ka yi asarar komai ba, sai ka biya gaba ɗaya ya ji daɗi.

Ɗauko takardar yarjejeniyar haya ka karanta

Kafin ka rubuta kalma ɗaya, nemo yarjejeniyar da kuka sa wa hannu da rasit ɗinka na ƙarshe. Ka duba ainihin ranar da hayar take ƙarewa, domin mutane da yawa ranar da suka tare suke riƙewa a ka, alhali takarda wata rana ta ambata. Ka duba ko an rubuta tara a kan jinkiri, da ko akwai kwanakin rangwame bayan wa'adi. Ka duba kuma wa aka ce a riƙa kai wa saƙo, mai gidan da kansa ko wakilinsa. Wannan na ƙarshen yana da muhimmanci fiye da yadda ake zato. Wakili sau da yawa ba shi da ikon canja tsarin biya, iyakarsa ya karɓa ya miƙa. Idan shi kaɗai ya ce maka babu damuwa, mai gida yana iya cewa bai san zancen ba. Ka rubuta takardar da sunan mai gida, ka bi da ita ta hannun wakilin idan haka tsarin yake, amma amsar da za ka riƙe ta fito daga wanda yake da ikon yanke magana.

Idan babu rubutacciyar yarjejeniya tsakaninku, rasit da shaidar turawar banki su ne madogararka. Ka tattara su wuri ɗaya.

Lissafin da zai zama ƙashin bayan takardar

A nan ne aikin yake, kuma a nan ne mafi yawan mutane suke yi wa kansu illa. Mutum yana cikin kunya, yana so ya faranta wa mai gida, sai ya yi alkawarin abin da ya fi ƙarfinsa. Ya ce wata biyu zai cika, alhali ko shi bai san daga ina za su fito ba. Saɓa alkawarin da kai da kanka ka rubuta ka sa wa hannu ya fi jinkirin farko muni nesa ba kusa ba. Na farko ƙaddara ce ta same ka. Na biyu kuwa maganarka ce ta faɗi ƙasa, kuma daga ranar duk abin da ka faɗa sai an yi masa ragi.

Bari mu bi misali ɗaya daki-daki. Lambobin na misali ne, ka musanya su da naka. Ma'aikaci ne mai iyali, hayar gidansa 600,000 a shekara, wa'adin biya 1 ga Maris. Albashinsa 200,000 a wata, yana ware 50,000 don haya. Daga Nuwamba wurin aikinsu ya rage albashi zuwa 120,000 saboda aiki ya yi ƙasa, aka kuma ba su takarda cewa cikakken albashi zai dawo a ƙarshen Mayu. Kafin ya saba da sabon halin har ya taɓa ajiyar. A tsakiyar Janairu ya zauna ya lissafa, ya ga abin da zai kasance a hannunsa ranar 1 ga Maris bai wuce 330,000 ba.

Abu na farko da zai yanke shi ne nawa zai bayar a tashin farko. Shawarata ya ba da 300,000, ya riƙe 30,000. Wani zai ce me ya sa ba zai zube duka ba don a ga ƙoƙarinsa? Saboda idan yaro ya kwanta rashin lafiya a Afrilu, kuɗin kashi na biyu zai ɗauka, tsarin duka ya rushe a kan abin da bai taka kara ya karya ba. Waccan 30,000 ita ce mai gadin alkawarinsa. Rabin kuɗin a rana ɗaya kuma ya isa ya nuna da gaske yake.

Saura 300,000. Sai ya rubuta abin da gida ba zai iya rayuwa babu shi ba, wato ci da sha, kuɗin mota zuwa aiki, wuta da ruwa, magani, makaranta. A watannin matsi ya ɗaure ciki ya tsayar da su a 100,000, saura 20,000 ke nan a wata. Idan albashi ya dawo 200,000, ya ƙiyasta zai kashe 120,000, ya rage 80,000. Albashin Maris da na Afrilu za su bar masa 40,000 jimilla. Na Mayu da Yuni 160,000. Na Yuli da Agusta wata 160,000.

Ba waɗannan lambobin zai rubuta wa mai gida ba. Zai rage kowace kaɗan don ya bar wa kansa wurin numfashi. Ranar 5 ga Mayu ya yi alkawarin 30,000, ranar 5 ga Yuli 130,000, ranar 5 ga Satumba 140,000. Idan ka haɗa su da 300,000 na farko, 600,000 cif.

Lura da abubuwa biyu a wannan tsari. Ya sa ranar 5 ga wata, bai sa ranar da ake biyan albashi ba, domin albashi yakan makara da kwana biyu ko uku, banki ma yakan riƙe kuɗi. Sannan bai sa babban kashi a farkon Yuni ba, duk da an ce ƙarshen Mayu albashi zai dawo. Alkawarin wurin aiki ba a hannunsa yake ba. Mu gwada a ce sun ƙara wata ɗaya. Mayu zai bar masa 20,000 kawai, Yuni 80,000, ga rarar 10,000 daga kashi na biyu, ga 30,000 da ya ɓoye. Jimilla 140,000, ya biya 130,000 na Yuli ba tare da ya je ya sake ba da haƙuri ba. Haka ake gwada jadawali: ka ɗauka abin da kake jira ya makara da wata guda, ka ga ko tsarin zai tsaya da ƙafarsa. Idan bai tsaya ba, ka sake shi tun yana kan takardar lissafinka.

Kashi huɗu ya yi, bai yi bakwai ko takwas ba. Masu gida da yawa suna ƙin ƙananan kuɗi da ke shigowa kowane wata, domin suna narkewa a hannu ba a yi wani abin kirki da su ba. Kashi uku ko huɗu masu ɗan kauri sun fi karɓuwa, sun kuma fi sauƙin bibiya.

Akwai ramin da ba a cika hangowa ba, shi ne hayar baɗi. Duk watannin da yake biyan ta bana, ba ya tara ta gaba. Daga albashin Satumba zuwa na Fabrairu wata shida ne, sau 80,000 ya ba da 480,000. Idan ya haɗa da rarar da ta taru, kimanin 90,000, ya kai 570,000. Saura 30,000, gibi ne da za a iya cikewa. Amma da lissafin ya nuna masa cewa baɗi rabin kuɗin ma ba zai samu ba, to matsalarsa ba ta wucin gadi ba ce, gidan ne ya fi ƙarfinsa. A wannan hali takardar da ta dace da shi daban ce: ya nemi ya biya na wata uku ko shida, ya nemi gida mai sauƙi ya tashi da mutuncinsa. Wannan magana ba ta da daɗin ji, amma gara mutum ya gaya wa kansa ita da ya tara bashin shekara biyu a gidan mutane.

Mai biyan wata-wata lissafinsa ya ɗan bambanta, domin bashin da sabuwar haya tare suke tafiya. A ce haya 50,000 ce, ka nemi ka riƙa ba da 30,000 na wata uku. Bashi ya zama 60,000. Daga wata na huɗu za ka riƙa biyan cikakkiyar haya da ƙarin 15,000, wato 65,000, har wata huɗu. Tambayar da za ka yi wa kanka ita ce ko za ka iya 65,000 ɗin, ba ko za ka iya 15,000 ba.

Abin da zai shiga takardar

Shafi ɗaya ya isa. Idan ta zarce haka, ka san labari ya yi yawa.

Ka fara da kwanan wata, da sunanka, da adireshin gidan har da lambar ɗaki ko sashen da kake ciki, domin mai gidaje da yawa ba lallai ya tuna wane ne a ina ba. Ka kira shi da lafazin girmamawar da ka saba kiransa da shi baki da baki. Bayan gaisuwa gajera, jimlar farko ta faɗi abin da ya kawo ka. Kada ka sa shi ya yi ta laluben buƙatarka a sakin layi na uku.

Dalili ya zo a jimla biyu ko uku: me ya faru, tun yaushe, yaushe zai ƙare, kuma me ya sa kake ganin zai ƙare. Wannan na ƙarshen shi ne zuciyar maganar. Kowa yana iya cewa matsalarsa ta ɗan lokaci ce. Abin da mai gida yake son ji shi ne hujjar. Takardar wurin aiki mai ɗauke da rana, ko takardar kama sabon aiki, ko kwangilar da aka kammala ana jiran biya, ko takardar likita da ta nuna lokacin da za ka koma bakin sana'arka. Ka haɗa kwafi ɗaya, kada ka ba da ta asali. Ba dole ba ne ka buɗe masa dukkan bayanan asusunka ko sirrin rashin lafiyarka, abin da zai tabbatar da maganar kawai ya wadatar. Kada kuma ka ƙara gishiri. Ramin ƙarya ƙurarre ne, kuma mai gida yana da idanu a gidansa ko ba ya nan.

Idan ka daɗe kana biya a kan lokaci, ka ambata a jimla ɗaya. Ba gori ba ne, tunatarwa ce a kan abin da yake da daraja a wurinsa. Fitar da ɗan haya yana cin lokaci da kuɗi, gidan yana iya zama babu kowa na wasu watanni, ga fenti da gyara, kuma wanda zai shigo ba a san halinsa ba. Mai gida ya san duk wannan, ba sai ka karanta masa ba.

Ga yadda takardar mutuminmu za ta kasance:

20 ga Janairu

Zuwa ga Maigida,

Roƙon biyan kuɗin hayar bana kashi huɗu

Assalamu alaikum. Ranka ya daɗe, bayan gaisuwa da fatan kana lafiya tare da iyali, na rubuto ne in roƙi alfarmar ka amince in biya kuɗin hayar bana, 600,000, wanda wa'adinsa zai cika ranar 1 ga Maris, a kashi huɗu maimakon a dunƙule.

Tun watan Nuwamba wurin aikinmu ya rage mana albashi saboda ƙarancin aiki. Sun ba mu takarda cewa cikakken albashi zai dawo a ƙarshen Mayu, ga kwafinta na haɗo. Shekara huɗu ke nan ina gidan nan ban taɓa wuce wa'adi ba, shi ya sa na ga ya dace in sanar da kai tun da sauran lokaci.

Tsarin da nake roƙo shi ne: ranar 1 ga Maris zan biya 300,000, ranar 5 ga Mayu 30,000, ranar 5 ga Yuli 130,000, ranar 5 ga Satumba 140,000. Jimilla 600,000. Zan riƙa turawa ta asusun da na saba, in aiko da shaida a ranar. Idan hali ya samu kafin waɗannan ranaku, zan biya da wuri.

Wannan tsari na bana ne kaɗai. Hayata tana nan a matsayin ta shekara, daga 1 ga Maris zuwa ƙarshen Fabrairu, sauran sharuɗɗan yarjejeniyarmu kuma suna nan yadda suke. Ina roƙon kada a ɗora tarar jinkiri muddin ina cika waɗannan ranaku.

Idan ka amince, ina roƙon ka sa hannu a ƙasan kwafi ɗaya a dawo mini da shi kafin 10 ga Fabrairu. Idan akwai abin da kake so a gyara, a shirye nake in zo mu zauna duk lokacin da ya yi maka.

Na gode da haƙuri da zaman mutunci. Allah Ya saka da alheri.

Naka mai biyayya,
suna, sa hannu da lambar waya

Na amince da wannan tsari: sa hannun mai gida da kwanan wata

Sakin layin da ya ce hayar tana nan a matsayin ta shekara kada ka cire shi, ko da ka ga kamar ƙari ne. A wurare da yawa, tsawon notis ɗin da za a ba ɗan haya kafin a tashe shi yana bin irin hayar da yake kai, mai biyan shekara ya fi mai biyan wata samun lokaci. Idan ka koma biya a gutsure ba tare da an rubuta cewa na wucin gadi ne ba, wata rana ana iya cewa ai kun canja tsari. Jimlar tana kare mai gida ma, domin ta nuna masa ba za ka mayar da alfarmar bana al'ada ba.

Ka kuma sani cewa takardar nan shaida ce a kanka. Ka amsa da hannunka cewa ana binka kaza. Don haka lambar da za ka rubuta ta zama wadda ka tabbatar da ita daga rasit. Idan akwai saɓani tsakaninku a kan adadin, ko ya yi ƙarin haya da ba ku gama magana a kai ba, ku warware wannan tukuna.

Abin da ba zai shiga ba

Kada ka sa ƙorafin gyara. Na ga takardu da dama da suka fara da roƙo suka ƙare da lissafin famfon da ya lalace da rufin da yake yoyo. Ko da kana da gaskiya, mai gida zai fahimci cewa barazana kake yi masa a fakaice, kuma nan take zai ɗaure fuska. Maganar gyara ta tafi a takardarta daban, a wata ranar. Idan kuwa ka kashe kuɗinka a gyaran da ya amince zai cire daga haya, wannan lissafi ne, ka sa shi da adadinsa da rasit.

Kada ka rubuta "nan ba da jimawa ba" ko "da zarar na samu". Cewa in Allah Ya yarda daidai ne, amma ta zo tare da rana, kada ta maye gurbinta. Kada ka ce ya cire daga kuɗin ajiyar da ka bayar lokacin shiga kamar haƙƙinka ne, domin an ajiye su ne saboda ɓarna ko abin da ya rage ranar tashi. Kana iya tambaya, shi kuma yana iya ƙi. Kada kuma ka sa sunan wani a matsayin mai tsaya maka sai ka gaya masa ya yarda, ya kuma san cewa idan ka kasa shi za a nema.

Yadda za a kai ta

Takarda ba ta maye gurbin fuska. Ka kira shi ko ka je ka same shi, ka gaya masa a taƙaice, sannan ka miƙa takardar ka ce ga shi a rubuce don kada a manta. Dattijo musamman yana iya jin zafi idan takarda kawai ta faɗo masa kamar daga ofishin lauya, alhali kullum kuna gaisawa. Ka buga kwafi biyu, ka sa hannu a duka. Idan ba a gari ɗaya kuke ba, ka ɗauki hotonta ka tura ta waya ko imel, ka ajiye shaidar turawa. Idan ta hannun wakili za ta bi, ya rubuta maka a kwafinka cewa ya karɓa, da kwanan wata. Idan mai gidan ba ya karatu, a karanta masa a gaban wani nasa da ya yarda da shi, shi ma ya sa hannu a matsayin shaida.

Idan amsa ta zo, ko ta ƙi zuwa

Mafi yawan lokaci amsar ba to ba ce kai tsaye, ba kuma a'a ba ce. Zai ce Satumba ta yi nisa, ko a ƙara na farko. Shi ya sa tun kafin ka je ya kamata ka san iyakar da za ka iya matsawa. Mutuminmu yana iya mayar da kashin ƙarshe gida biyu, ya ba da 70,000 a Agusta da 70,000 a Satumba, domin albashin Yuli zai ɗauki wannan. Amma ba zai iya cewa zai gama a Yuni ba, ko an matsa masa. Idan aka nemi abin da ba ka lissafa ba, ka ce a ba ka kwana biyu ka duba. Kada ka amsa a tsaye don kunya. Duk gyaran da aka yi kuma a rubuta shi a takardar, ku duka ku sa hannu a gefensa.

Idan ya ce maka da baki, "Babu komai, Allah Ya rufa asiri," ka yi godiya, amma kada ka tsaya nan. Ba don ba ka yarda da shi ba. Mutum yana mantuwa, yana tafiya, yana rasuwa, gida yana komawa hannun magada ko a sayar da shi, kuma wanda ya zo daga baya takarda kawai ya sani. Idan ka ga neman sa hannu zai yi masa nauyi, ka tura masa saƙon waya a ranar, ka gode masa, ka jero ranakun da adadin kamar yadda kuka tsayar. Amsarsa ko ta kalma ɗaya ce ka adana ta.

Idan ya yi shiru, ka tuntuɓe shi bayan mako guda. Shiru ba amincewa ba ne. Haka ma idan ka tura rabin kuɗin ya karɓa bai ce komai ba, wannan bai nuna ya yarda da jadawalinka ba, yana iya neman sauran gobe. Idan kuwa ya ƙi sam, haƙƙinsa ne. Ka tambaye shi abin da zai iya karɓa, ko ka nemi wani da yake jin nauyinsa ya shiga tsakani. Kuɗin da ka tara kada ka taɓa su don fushi, ka ajiye su a shirye. Ƙin amincewarsa kuma ba ya nufin zai watso maka kaya waje washegari. A mafi yawan ƙasashe sai an bi matakan notis da kotu kafin a tashi ɗan haya. Ranar da takardar notis ta shigo hannunka, ka kai ta wurin lauya ko ofishin taimakon shari'a a makon, kada ka sa ta ƙarƙashin katifa.

Bayan an amince

Ka biya ta hanyar da take barin shaida. A wurin bayanin turawa ka rubuta, misali, kashi na 2 na hayar bana. Idan hannu da hannu ne, rasit ɗin ya nuna abin da aka karɓa, na wane lokaci ne, da abin da ya rage. Rasit ɗin da aka rubuta "kuɗin haya" kawai shi ne yake haifar da musu bayan wata shida.

Idan ka hango wani kashi zai gagara, ka yi magana mako ɗaya kafin ranar, ka kai abin da ya samu, ka faɗi ranar cikon. Sau ɗaya ana iya ɗauke maka wannan, don haka kada ka kashe damar a kan ƙaramin dalili.

Ranar da ka biya kashin ƙarshe, ka nemi rasit guda da ya haɗe shekarar duka, wanda ya ce an karɓi 600,000 na hayar 1 ga Maris zuwa ƙarshen Fabrairu, babu sauran bashi. Ka haɗa shi da takardar da ya sa wa hannu da ƙananan rasit ɗin guda huɗu a ambulan ɗaya, ka ɗauki hotonsu a waya, ka ajiye tare da yarjejeniyar haya.